Firizar Ya Gumsu

Shekara shida ina zaune gida ɗaya da Ya Gumsu a Lamisula, ƙofata tana kallon tata. Ni malamar firamare ce, 'yar Marama, aiki ne ya kawo ni Maiduguri. Ita kuwa Babarbariya ce ta cikin Yerwa, doguwa, busasshiya, mai magana ɗaya. Ko ɗakinta a rufe yake, ƙamshin turaren wuta zai gaya maka tana ciki. Hausarta ta kasuwa ce, idan ranta ya ɓaci sai ta zarce da Barbarci, kuma ba ta taɓa kirana Florence ba. Malama take cewa, har a ranar da muka yi faɗa a kan igiyar shanya.

Mijinta Ba Umara dillalin fatu ne. Da ya rasu aka sayar da gidansu na Yerwa aka raba gado, abin da ya zo hannunta bai isa sayen ko zaure ba. Sai ta kama ɗaki ciki da falo a gidanmu, tana haɗa turare tana sayar wa mata. Haihuwarta biyar, ɗaya ce ta tsaya, Kaltum, wadda ke aure a unguwar Galtimari. Mijin Kaltum ɗin sunansa Babakura, yana da 'yar rumfa inda yake gyaran fanka da dutsen guga da rediyo.

Tun da aka ɗaura auren nan Ya Gumsu ba ta taɓa furta sunan surukinta ba, sai dai ta ce mai gidan Kaltum. Idan ya zo gaisuwa yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta shige uwar ɗaka ta saki labule, su gaisa ba wanda ya ga wani. Ba ta ci a gabansa, ba ta sha, ba ta ɗaga murya. Na taɓa tsokanarta na ce wannan kunya tasu ta fi ƙarfin mutum. Ta harare ni ta ce ai shi ya sa kowa yake zama a gidansa. Daga nan ta gaya mini abin da take roƙon Allah kullum: kada tsufa ko rashi ya kai ta zama a gidan suruki. Ta ce ta ga yayar mahaifiyarta ta yi irin wannan zama, kuma ta gwammace ta mutu a ɗakin haya tana biya da guminta.

To, turare ya fara gazawa. Kayan haɗi sun yi tsada, mata sun koma saye da cokali. A ƙarshen damina ta 1987 ta kwance ƙullin da ta daɗe tana ɓoyewa, warwaro da 'yan kunnen zinariya na mahaifiyarta, ta sayar, ta haɗa da kwasar adashe, ta tafi wani babban kantin kayan lantarki da ke kusa da Kasuwar Litinin. Da la'asar sai ga a-kori-kura a ƙofar gida ɗauke da firiza fara sol, irin mai murfi a sama. Maza huɗu suka shigar da ita da ƙyar, ta cinye rabin falon.

A kantin, akawu ya cike wani kati, ya buga hatimi, ya sa ta dangwala yatsa, ya ce mata wannan shi ne garanti: shekara guda, in ta lalace a kawo, gyara kyauta. Iyakar abin da ya gaya mata ke nan. Ta naɗe katin da rasit a leda ta tura ƙarƙashin laffayoyinta a akwati, kamar takardar gida.

Allah kuwa ya sa wa abin albarka. Ƙanƙara a leda, ruwan tsamiya, zoɓo, ga matan unguwa masu kawo ajiyar nama. Tun hantsi ake sallama a ƙofarta. Ta yi ƙiba kaɗan, ta sake ledar ɗaki, har ta fara yi mini gori wai albashina na wata ba ya zuwa kan lokaci, nata kuwa kullum ne. Amma idonta yana kan azumi, don a shekarar zai faɗo a tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da mutumin Maiduguri zai iya ba da hularsa a kan ƙanƙara ɗaya. Ta zuba duk ribarta a buhun tsamiya da sukari da leda, ta jibge a ƙarƙashin gado.

Saura 'yan kwanaki a ga wata, ranar wata Juma'a, firizar ta fara wani abu. Injin ya yi gurnani kamar zai tashi, sai a ji ƙas, ya yi shiru. Jim kaɗan ya sake. Sanyi ya tafi, ƙanƙara ta fara zama ruwa. Ya Gumsu ta zare filogi, ta ce ranar Litinin za ta nemi mota ta mayar wa masu kanti, tunda shekara ba ta cika ba. Hankalinta bai ma tashi sosai ba. Rashin sa'a, Kaltum ta zo wuni a ranar, ta gani, ta koma ta gaya wa mijinta.

Ranar Asabar da yamma ina coci wurin zumuntar mata, don haka Aisa maƙwabciyarmu ce ta ba ni labarin abin da ya faru. Babakura ya zo a kan babur da jakar kayan aiki, Kaltum a baya. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Mai son hidima ne, sai dai hannunsa ya fi kansa sauri, kuma a ganinsa duk abin da ke da waya ƙanin fanka ne. Yana yin sallama Ya Gumsu ta shige ciki ta saki labule. Ta kira Kaltum ta raɗa mata cewa ta gaya masa kada ya wahalar da kansa, masu kanti sun ce za su gyara.

Shi kuwa ya ɗauka kara ce irin ta manya. Ya ce, "Ina raye a ɗauki kayan Ya a kai wa bare? Ki ce mata ta kwantar da hankalinta."

Nan maganar ta ƙare. Abin da ya rage mata ta faɗa shi ne kada ya taɓa, wannan kuwa daidai yake da ta ce ba ta yarda da hannunsa ba, a gaban matarsa da matan gida. Bakinta ba zai iya ba. Ta zauna a bakin gado tana jin ƙarar sukudireba ta bayan labule. Ya cire murfin da ke gefen injin, ya zare wani ɗan baƙin abu, ya haɗa waya da waya ya naɗe da baƙin tef, ya taɓa nan ya taɓa can, injin ya tashi. Matan gida suka yi ta sa albarka. Ya Gumsu ta ba Kaltum kwalbar turare ta kai masa.

Firizar ta kwana tana aiki, ta kai azahar ɗin Lahadi. Daga nan wani ƙauri ya cika falon, injin ya tsaya, gefensa ba ya taɓuwa don zafi.

Ranar Litinin na dawo daga makaranta na tarar da firizar a tsakar gida, a inda masu a-kori-kura suka sauke ta, Ya Gumsu tana zaune a tabarma kusa da ita da leda a cinya. Ta je kantin ta dawo. Ta ce makanikensu yana leƙa injin ya kira manaja, suka yi Turanci, sannan aka ce mata garanti ya mutu, ta kwashe kayanta ko ta biya kuɗin gyara. Ta miƙo mini ledar.

"Malama, shekara ba ta cika ba. Karanta mini, ki nuna mini inda aka ce ya mutu."

Na zauna ko takalmi ban cire ba. Gaban katin lafiya lau yake. Ga sunanta, ga ranar saye daidai da ta rasit, ga hatimin kanti da sa hannun akawu. Akwai lambar firizar a rubuce, na sa Aisa ta taya ni muka juya ta, na goge ɗan farantin ƙarfen da ke baya na gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya, suka yi daidai. Katin ya ce wata goma sha biyu daga ranar saye, kamfani zai gyara ko ya canza duk abin da ya lalace saboda aibin ƙira, ba kuɗin kaya ba kuɗin aiki. A ƙasa ma aka ƙara cewa shi injin sanyin garantinsa shekara uku ne. Da na fassara mata wannan sai ta gyara zama, ni ma zuciyata ta yi sanyi, na fara shirya irin wankin babban bargon da zan yi wa manajan nan.

Sai na juya bayan katin. Rubutu ne ƙanana, cunkushe, sai da na matsa inda rana take. A samansa an rubuta abubuwan da garanti bai shafa ba. Na riƙa karantawa ina juyawa da Hausa, tana amsawa kamar a gaban alƙali. Ɓarnar da wuta ta yi idan ta zo da ƙarfi ko ta yi ƙasa: ta ce a ranar ko ƙwan fitila bai yi ƙyafta ba, kowa shaida ne. Huda bangon ciki da wuƙa wurin ɓamɓarar ƙanƙara: ta ce ita da ludayin katako take yi. Faɗuwa ko buguwa wurin ɗauka, kankare lamba, ambaliyar ruwa, duk ta girgiza kai. Ina cikin sauri na kai layi na gaba, bakina ya tsaya.

Ta ce, "Karanta."

Layin ya ce idan wani wanda ba ma'aikacin kamfani ba, ba kuma wakilin da kamfani ya naɗa ba, ya buɗe, ko ya gyara, ko ya canza wani sashe na na'urar, garantin ya ɓaci gaba ɗayansa, har da na injin. Na maimaita shi a zuci ina neman wata 'yar kafa, ko an ce sai in gyaran ne ya jawo ɓarnar, ko an ce sai in da yardar mai kaya. Babu. A ƙarƙashinsa kuma ga wani, wai garantin na amfanin gida ne, ban da sana'a. Can ƙasa, kusa da inda ta dangwala yatsa, an rubuta cewa mai saye ya karanta sharuɗɗan nan ya yarda.

Na fassara mata duka, ban rage ba. Ta daɗe tana kallon tambarin yatsanta. Sannan ta ce ashe da hannunta ta yarda da abin da ba a karanta mata ba. Ban taɓa jin takaicin iya karatu ba irin na ranar.

Duk da haka na ce ba za mu bari ba. Washegari bayan an tashi makaranta muka tafi kantin tare. Manajan, wani Mista James, mai sanƙo da taye a cikin wannan zafi, ya ba mu kujeru. Na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce firizar ta lalace tun kafin kowa ya taɓa ta, gida guda shaida ne. Na ce akawunsa ya gaya wa tsohuwa rabin magana ya ɓoye rabi, ya sa ta dangwala yatsa a kan Turancin da ba ta ji. Na ce in sun san ba a sana'a da ita, me ya sa suka sayar wa mace ɗaya tilo firizar da za ta ɗauki naman sa guda? Har mutanen da ke kallon rediyo suka juyo.

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya ce su dillalai ne kawai. Duk injin da suka canza a garanti sai sun aika da shi kamfani a Legas tare da katin da rahoton makanike, can a duba, in an yarda a aiko musu da madadinsa. Injin da aka yanke wa waya aka naɗe da tef, ko ya aika dawo masa da shi za a yi. Ya ce maganar sana'a mu bar ta, rabin firizojin garin nan ƙanƙara suke yi, sukan kau da kai. Amma wannan ta yankan waya ba ta ɓoyuwa. Sai ya kira makaniken, Thomas, ya ce ya yi mana bayani.

Thomas ɗan wajenmu ne, na gane daga harshensa, kuma ya ƙi haɗa ido da Ya Gumsu. Ya kawo wasu ƙananan abubuwa biyu a tafin hannunsa, irin na firizarta. Ya ce na farko shi ne rilai, mai tayar da inji, kuma gurnani da ƙas ɗin da muka kwatanta alama ce ta cewa mai yiwuwa shi ne ya mutu. Na biyun mai gadi ne: idan inji ya ja wuta fiye da kima ko ya yi zafi, shi ke yanke wutar, shi ne ma ƙas ɗin da muke ji. Wanda ya yi gyaran ya cire mai gadin ya haɗa waya kai tsaye, ya tilasta wa injin tashi. Da ya tsaya ya kasa sake tashi, babu abin da zai yanke masa wuta, sai ya ƙone.

Na tambaye shi, da an kawo ta yadda take fa?

Ya ɗaga rilai ɗin, bai kai kwalin ashana ba. "In wannan ne, da Mama tana zaune zan canza shi. Ko kwabo ba za ta biya ba."

Mista James ya tambayi wane ne ya yi aikin. Ya Gumsu ta ce ɗan gida ne kawai. Ya ce abin da zai iya yi mata shi ne ya yafe kuɗin aiki in ta sayi sabon inji da gas. Ya faɗi kuɗin. Naira ta faɗi a 'yan watannin nan, injin kaɗai ya haura rabin abin da ta biya a firizar sabuwa, kuma sai an yi odarsa. Ya Gumsu ta miƙe, ta gyara laffaya, ta yi masa godiya. Godiya fa.

A hanya na kasa haƙuri. Na ce mata wanda ya ɓata shi zai gyara. Babakura yana da babur, yana da rumfa, yana da 'yan'uwa a kasuwa. In ma ba zai biya duka ba, ya kamata ya san abin da hannunsa ya yi, ni zan je in karanta masa katin in ita ba za ta iya ba. Ta tsaya cak a gindin wani dogon yaro, ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Malama, in ya sani zai sayar da babur ya biya, na san shi. Daga ranar kuma duk sanda ya kalli Kaltum zai tuna uwarta ta tona masa asiri a gari. Ita kaɗai gare ni. Ba zan ɓata mata zama a kan ƙarfe ba."

Na ce to ita fa? Ta ce in yi mata alkawari ba zan faɗa ba, ko ga Kaltum. Na yi, ina huci. Ita ma Aisa, Ya Gumsu ta ja mata kunne a daren. Abin da aka gaya wa duniya shi ne masu kanti sun ƙi gyarawa, shi ke nan.

Aka ga wata, zafi ya sauko kamar an buɗe tanda. Da la'asar masu sayen ƙanƙara suka riƙa zuwa da kwanoni da fulas, tana ce musu babu, har suka gane hanyar wata mata a layin baya suka daina zuwa. Ta gwada dama tsamiya ta sanyaya a randa. Wa zai sayi ruwan randa da azumin Afrilu alhali ga mai ƙanƙara a kusa? Sukarin ta sayar da shi a kan asara, tsamiyar ta yi ta kyauta da ita. Ta koma turare, amma masu sayenta na da sun kama wasu, jarin kuma babu.

Ana tsakiyar azumi Babakura ya zo yi mata barka da shan ruwa. Ina ɗakina ina jinsa daga bakin ƙofarta, yana cewa kayan zamanin nan duk kwali ne, masu kanti kuma macuta, shi da hannunsa ya tayar da firizar nan bayan ta mutu, amma abin da aka ƙera ba daidai ba sai Allah. Na tuna alkawarin da na yi, ban fito ba. Daga bayan labule na ji ta yi masa sannu da Barbarci, ta ce, "Wushe. Allah ya yi albarka."

Ta ja har bayan babbar salla. Firizar ta sayar wa wani mai gyara a kuɗin da bai kai a faɗa ba, ta biya haya da shi, ta ci saura. Da damina ta yi nisa, Kaltum ta lura tukunyar uwarta tana kwana biyu ba ta hau wuta ba. Babakura bai yi wata-wata ba, ya sayi bulo da kwano ya tayar da ɗaki a gidansa na Galtimari, ya turo manya su roƙe ta ta koma. Unguwa ta ɗauka, ana cewa samun suruki irin wannan sai an tona. Dole ta amince. Ranar tashinta ta ba ni kaskon turarenta, ta ce a can ba za ta riƙa cika wa mutane gida da hayaƙi ba.

Na kai mata ziyara wata Asabar bayan an yi girbi. Gidan ƙarami ne, tsakar gida ɗaya, kuma tabarmar mai gidan tana shimfiɗe a inuwar da ke tsakanin ɗakinta da randa da bayan gida. Ta rame, laffayar ta yi mata yawa. Ta yi murna da ganina, ta tambayi Aisa da kowa, har ta tsokane ni a kan albashi. Kaltum ta kawo mana shinkafa, muka sa hannu. Ba ta kai loma uku ba muka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ta cire hannunta daga kwano, ta rufe shi da faifai, ta tashi ta saki labule, ta dawo ta zauna can ƙuryar gado. Sauran hirar da raɗa muka yi ta.

Da Kaltum ta rako ni zaure na tambaye ta yadda Ya take yi ranar da ba ya fita aiki, tunda gobe Lahadi. Ta ce ai ranar ba ta cin komai, ba ta fitowa ko bayan gida, sai in ya tafi masallaci.